Amsar da Ba Daidai Ba a Fom ɗin Inshora: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyara Ta Kafin Kamfani Ya Gano

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan kasuwarmu na Legas, masu sito da shaguna a Agege, Mile 12, Alaba Rago da Idi-Araba, musamman waɗanda banki ya sa suka yi wa kayansu inshora kafin ya ba su rance. Mafi yawan bayanin a kan inshorar gobara da sata yake, domin nan rikicin ya fi yawa. Inda hukuncin mota ko na rai ya sha bamban, an nuna.

Na biya kuɗina, sun ba ni takarda. Me ya sa amsa ɗaya a fom za ta zame mini matsala?

Saboda a kan amsoshinka aka yanka maka farashi. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Ikeja ko Marina bai taɓa ganin sitonka ba. Bai san ko rufin kwano ne ko na kankare ba, bai san wa ke kwana a ciki ba, bai san ko wuta ta taɓa kama maka kaya ba. Kai ka sani. Don haka aka ɗora inshora a kan ƙa'idar cikakkiyar gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu: mai neman inshora ya bayyana abin da ya sani wanda ya shafi haɗarin, kuma abin da ya faɗa ya zama gaskiya. Ƙa'idar tsohuwa ce. Alƙalin Ingila Lord Mansfield ya bayyana ta a wata shari'a a 1766, daga nan ta shigo dokokinmu, har aka rubuta ta a dokar inshorar jiragen ruwa ta Najeriya ta 1961.

Ka duba ƙasan fom ɗin da ka sa wa hannu. Galibi akwai 'yan layuka da ke cewa ka tabbatar amsoshin gaskiya ne, ba ka ɓoye komai ba, kuma ka yarda fom ɗin ya zama tushen yarjejeniyar. Mutane kan sa hannu a wurin ba su karanta ba, alhali shi ne wurin da kamfani zai fara buɗewa ranar da ka zo neman diyya. Idan amsa mai nauyi ta fito ƙarya, abin da kamfani zai nema shi ne ya rushe yarjejeniyar tun daga tushe, ya ce tamkar ba a taɓa ƙulla ta ba.

Kowane kuskure ne ke kai ga haka?

A'a. Ma'aunin shi ne: da mai inshora mai hankali ya san gaskiyar, za ta shafi shawararsa ta karɓa ko ƙi, ko kuɗin da zai caja? Idan za ta shafa, amsar mai nauyi ce. Harafin da ya kauce a sunan titi ko tsohuwar lambar waya ba su kai nan ba, ko da yake su ma a gyara su don kada saƙo ya ɓata. Waɗanda suka kai su ne irin: asarar da ka taɓa yi a baya, ko wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka ko ya soke maka inshora, irin kayan da ke cikin siton, da me aka yi ginin, sana'ar da ake yi a ciki, akwai mai gadi da dare ko babu.

Dokar inshora ta 2003 ta yi wa masu neman inshora sassauci babba a nan. Sashe na 54 ya ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake gani mai muhimmanci, ya kuma ce abin da fom bai tambaya ba ba za a ɗauke shi mai nauyi ba. Sashe na 55 kuma ya taƙaita damar kamfani ta fakewa da saɓa wani sharaɗi da bai shafi haɗarin ko asarar ba. A watan Agusta 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, don haka wanda rikicinsa ya kai ga kafa hujja da sashe, lauyansa sabuwar zai buɗe.

Sai dai ka lura da ɗaya gefen wannan sassaucin. Idan abin da ba a tambaya ba ya sauƙaƙa, abin da aka tambaya ƙiri-ƙiri ya ƙara nauyi. Da wuya ka tsaya gaban alƙali ka ce tambayar ba ta da muhimmanci bayan kamfani ya buga ta a fom, ya bar maka gurbi, ka rubuta "a'a".

To yanzu na gane akwai kuskure. Akwai lokacin da gyara ke ƙarewa?

Lokaci uku ne, kuma ƙarfinka yana raguwa daga ɗaya zuwa na gaba.

Na farko shi ne kafin a ƙulla yarjejeniya, wato ka miƙa fom amma kamfani bai karɓa ba tukuna. A nan gyara haƙƙinka ne. Ƙa'ida ta amince mutum ya janye ko ya gyara abin da ya faɗa muddin ba a ƙulla ba, kuma idan ka gyara, amsar farko ta mutu, ba wanda zai tayar maka da ita gobe. Nauyin bayyanawa ma yana kanka har zuwa ranar karɓa. Idan ka cika fom ranar Litinin ka ce ba a taɓa fasa maka shago ba, ɓarayi suka shiga ranar Laraba, kamfani bai amsa ba sai Juma'a, to wajibi ne ka sanar da su abin da ya faru ranar Laraba. Amsarka gaskiya ce ranar da ka rubuta ta, amma kafin a ƙulla ta daina zama gaskiya.

Na biyu shi ne bayan an ƙulla, amma ba a yi asara ba. Yawancin masu wannan tambaya nan suke. A nan zan faɗi abin da wasu dillalai kan tausasa: wasiƙarka ba ta goge kuskuren da kanta. An riga an ƙulla a kan amsar da ba daidai ba, don haka zaɓi yana hannun kamfani. Abin da wasiƙar ke yi shi ne tilasta musu su zaɓa yanzu, kayanka na nan lafiya, maimakon su zaɓa ranar da kayan suka zama toka. Kamfanin da ya san gaskiya, ya karɓi ƙarin kuɗi, ya ba da takardar gyara, ya rufe wa kansa ƙofar dawowa da wannan hujja. Wannan shi ne ribar gyaran gaba ɗaya.

Na uku shi ne bayan asara. A nan gyara ba ya saya maka komai ta fuskar haƙƙi, sai dai ya hana lamarin zama zamba. Akwai tambaya a kan wannan a ƙasa.

Malam, a ba mu misali da kuɗi, mu ga yadda abin yake.

Mu ƙaddara wani Alhaji mai sito a Agege, yana ajiye shinkafa, sukari, taliya da katan-katan na man girki. Ya yi inshorar gobara a kan kayan naira miliyan 40 a watan Janairu. Alƙaluman misali ne kawai, kowane kamfani da farashinsa. A ce an caje shi naira 200,000 na shekara.

A fom akwai tambayoyi biyu da aka amsa da "a'a". Ɗaya ta ce: ka taɓa yin asara ta gobara a shekaru biyar da suka wuce, ko ka nemi diyya ko ba ka nema ba? Ɗayar ta ce: ana ajiye abu mai saurin kama wuta a ginin? Gaskiyar kuwa, shekara biyu da suka wuce wayar lantarki ta haɗu a tsohon shagonsa, wuta ta cinye kayan kusan naira miliyan 2, maƙwabta suka kashe. Ba shi da inshora a lokacin, shi ya sa a ransa ba ta shiga lissafi ba. Sannan a bayan ƙofar siton akwai jarkoki uku na fetur saboda janareta, abin da kowa ke yi, har idonsa ya daina gani.

A ƙarshen Afrilu ɗansa da ke jami'a ya karanta masa kwafin fom ɗin, ya ce, "Baba, ai nan an tambayi gobara ko da ba a nemi diyya ba." Alhaji ya sa aka rubuta wa kamfani. Suka turo mai duba gini, ya zagaya, ya ga jarkokin, ya duba wayoyin wuta. Sai suka dawo da sharaɗi uku: a fitar da fetur zuwa wani keji na ƙarfe a waje, a sa tukwanen kashe gobara biyu, kuma kuɗin shekara ya koma naira 260,000.

Bambancin naira 60,000 ne. Idan daga ranar gyara suka lissafa, saura wata takwas cikin goma sha biyu, zai biya 40,000. Idan suka ce tun Janairu haɗarin yake haka, kuma suna da hujjar faɗin hakan, zai biya 60,000 ɗin duka. Ya biya, aka ba shi takardar gyara, wadda a ofis suke kira endosmen, da ke nuna an karɓi sabon bayanin kuma inshorar na ci gaba.

A watan Satumba wuta ta taso daga shagon maƙwabcinsa, ta ci masa kayan naira miliyan 18. Idan a takardarsa an rubuta cewa shi zai ɗauki naira 500,000 na farko a kowace asara, abin da zai nema shi ne miliyan 17.5. Tsohuwar gobarar da fetur ɗin ba sa cikin abin da za a yi gardama a kai, tunda kamfani ya sani kuma ya karɓi kuɗi a kai.

Yanzu ka ɗauke wasiƙar Afrilu daga labarin. Mai tantance asara ya zo, ya ga jarkoki sun narke a bayan ƙofa, wani ɗan dako ya ba shi labarin gobarar tsohon shago. Kamfani ya rubuto cewa ya rushe yarjejeniyar saboda bayanin ƙarya, ga naira 200,000 ɗinka. Alhaji zai iya ja, ya ce wutar ba daga fetur ɗinsa ta taso ba. Amma amsar tsohuwar gobara ba ta jingina da musabbabin wannan wutar ba, hujjar kamfani ita ce da sun sani da ba su karɓe shi a wannan farashin ba. Ko da a ƙarshe zai samu wani abu, sai bayan doguwar jayayya da kuɗin lauya, banki kuma ba ya dakatar da ruwan rancensa don ana shari'a.

Yaya ake gyaran? In buga waya ko in je da kaina?

A rubuce. Ka je da kanka idan kana so, amma ka je da wasiƙa kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Idan ta imel ne, ka aika zuwa adireshin kamfani da ke jikin takardar inshorarka, ka sa dillalinka a kwafi, ka ajiye amsar da ta dawo.

Kafin ka rubuta, ka nemi kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu idan ba ka da shi. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne, domin mutane da yawa kan tuna kuskure ɗaya, su gyara shi, a bar biyu a ciki. Ka zauna da wanda ya iya Turanci sosai kuma ka amince da shi, ya karanta maka tambaya bayan tambaya, da amsar da aka rubuta a gabanta. Gyara ɗaya cikakke ya fi gyara uku a jere, don na biyu da na uku suna sa ma'aikaci ya fara tunanin me kuma ya rage.

Wasiƙar kanta gajeriya ce. Ta ƙunshi sunanka da lambar takardar inshorar, da ranar da ka cika fom. Ta ambaci lambar tambayar da amsar da aka bayar, sannan amsar gaskiya da cikakken bayani: wata da shekarar da abin ya faru, inda ya faru, musabbabinsa, kimar abin da aka rasa, da abin da ka yi don kada ya maimaitu. Ta faɗi dalilin kuskuren a layi ɗaya ko biyu. Ta bayyana ko an yi wata asara daga ranar da inshorar ta fara zuwa yau. Ta ƙare da roƙon a tabbatar maka a rubuce cewa inshorar na ci gaba, da kuma a kan wane sharaɗi. Idan kana da hoto, rasit na gyaran waya ko rahoton 'yan kwana-kwana, ka haɗa.

Wajen dalili, kada ka ƙawata. Idan ba ka fahimci tambayar ba ne, ka ce haka. Idan da gangan ka rage don kuɗi ya sauko, ba sai ka rubuta wa kanka takardar tuhuma ba, amma kada ka ƙirƙiro labarin mantuwa da za a iya ƙaryatawa. Ka ce amsar ba daidai ba ce, ga daidai. Inda kuɗin ya yi yawa, lauya ya ga wasiƙar kafin ta fita.

Kuma idan suka yanka maka ƙarin kuɗi, ka biya nan take. Tsarin inshora a Najeriya shi ne babu biya, babu kariya. Takardar gyaran da ba a biya kuɗinta ba za ta iya barinka inda ka fito.

Ba ni na cika fom ɗin ba. Ejan ne ya zo shago, ya yi mini 'yan tambayoyi, ya rubuta, na sa hannu.

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa, kuma ita ce mafi rauni. Dokar 2003 ta sa a buga a jikin fom cewa ejan da ya taimaka wa mai nema wajen cikawa, a wannan aikin wakilin mai neman ne. Ka duba naka, da alama za ka ga layin. Ma'anarsa, alƙalaminsa alƙalaminka ne.

Akwai wani gefe da ke taimaka maka. Sashe na 54 na wannan dokar dai ya ce abin da ka bayyana wa ejan na kamfani, muddin yana aiki cikin ikon da aka ba shi, ana ɗauka ka bayyana wa kamfani. Don haka idan ka faɗa masa labarin gobarar, shi ya ce, "Alhaji, bar wannan, ƙaramin abu ne," kana da abin faɗa. Matsalar ita ce shaida. Magana ce ta baki a ƙofar shago, a cikin hayaniyar kasuwa, shi kuma mai yiwuwa ya bar aikin kafin ranar da za ka neme shi. Idan akwai saƙon waya ko na murya tsakaninku, ka adana shi yau.

A gyara kuma kada ka tsaya a kansa. Mutumin da ya rubuta "a'a" don cinikin ya faɗa ya ci kamashonsa, ba shi ne zai yi gaggawar kai wasiƙar da ke nuna aikinsa ba. Idan ta hannun dillalin inshora mai rajista ka shiga, shi naka ne, ba na kamfani ba, abin da ka faɗa masa bai isa kamfani ba sai ya isar. Ka nemi ganin shaidar ya isar.

Idan na kai kaina suka ce sun soke fa? Ai na jawo wa kaina.

Suna iya yi. Abu huɗu ne a gabansu: su karɓa ba ƙari, su karɓa da ƙarin kuɗi ko sharaɗi, su soke daga yanzu bayan sun ba ka wa'adin da ke cikin takardarka, ko su rushe tun daga farko su mayar maka da kuɗinka. Mayar da kuɗin yana tafiya ne inda babu zamba. Kamfani ɗan kasuwa ne, wanda ya zo da kansa kuma babu asara a ƙasa ba shi ne suka fi son kora ba, amma ba wanda zai yi maka alkawari.

A ganina ko sokewar ta fi zama da takardar da ba za ta biya ba. Wanda aka soke ya san ba shi da kariya, zai nemi wata. Wanda ya yi shiru yana biyan kuɗi kowace shekara a kan abin da kamfani zai iya ƙi ranar buƙata. Abu ɗaya dai: fom ɗin kamfani na gaba zai tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka rubuta "e", ka yi bayani. Idan kuma banki na da haƙƙi a kan inshorar saboda rance, ka sanar da su kafin su ji daga wani wuri, don yarjejeniyar rancen galibi ta wajabta maka riƙe inshora mai aiki.

Na rubuta, sun buga hatimi, amma shiru har yau.

Hatimin ya tabbatar sun sani, wannan rabin aiki ne. Kamfanin da ya san gaskiya ya ci gaba da mu'amala da kai kamar komai lafiya, ya karɓi kuɗi ko ya sabunta maka, ana iya kafa masa hujja cewa ya amince. Shiru zalla bai kai wannan ƙarfin ba. Ka sake rubutawa bayan mako ɗaya ko biyu, ka ambaci wasiƙar farko da ranarta. Idan har yanzu babu amsa, ka kai ga sashen ƙorafi na kamfanin, daga nan sai ofishin karɓar ƙorafi na NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora a ƙasar nan. Kafin amsa ta zo, ka gyara abin da ke hannunka, kamar fitar da fetur ɗin, ka ɗauki hoto.

Tsakani da Allah, ta ina za su gano?

Ba sa bincike sosai ranar da kake biya. Ranar da su za su biya suke yi. Babbar asara takan kawo mai tantancewa, wanda aikinsa ke nan ya tono toka, ya nemi rasitai da littafin shiga da fitar kaya, ya karanta rahoton hukumar kashe gobara ta Jihar Legas da na 'yan sanda, ya zauna da mai gadi da maƙwabta da shugabannin kasuwa. A kasuwa kuwa ba a manta gobara. Ba mugunta ke sa mutane su faɗa ba, jaje ne: "Allah sarki Alhaji, karo na biyu ke nan."

Amsata gaskiya ce lokacin da na cika. Daga baya ne na fara ajiye tukwanen gas a siton.

Wannan ba gyaran kuskure ba ne, sauyin haɗari ne, kuma hukuncinsa yana cikin sharuɗɗan takardarka. Takardun gobara galibi suna da sharaɗin da ke cewa idan sana'ar da ake yi a ginin ta canza, ko aka yi abin da ya ƙara haɗari, ko aka bar ginin ba kowa fiye da kwanakin da aka ƙayyade, ko aka kwashe kaya zuwa wani wuri, kariyar na tsayawa sai an samu amincewar kamfani a rubuce. Masu kulle sito su tafi gida Arewa su daɗe, su duba wannan layin. Hanyar sanarwa ɗaya ce da ta gyara, sai dai a nan ka rubuta kafin ka yi sauyin.

Kimar kaya ce na rage. Na rubuta miliyan 40, alhali sun kai 50.

Galibi wannan ba ya rushe yarjejeniya, yana rage diyya ne daidai gwargwado. Ka sayi kariya a kan kashi huɗu cikin biyar na kayanka, don haka kashi huɗu cikin biyar na asara za a biya. Asarar miliyan 18 sai ta koma miliyan 14.4 kafin a cire kason da kai za ka ɗauka. Yadda farashin kaya ke tashi, mutum kan faɗa cikin wannan ba da niyya ba, musamman gab da azumi lokacin da sito ke cika. Ka nemi a ɗaga adadin, ka biya bambancin watannin da suka rage.

Wuta ta riga ta kama jiya, ban sanar ba tukuna. In fara aika gyara, bayan kwana biyu in kai rahoton gobarar?

Kada ka yi. Wasiƙar gyara da ke ɓoye asarar da ta riga ta faru sabuwar ƙarya ce, kuma wannan karon da gangan. Takardar gyaran da aka samu ta haka ba za ta tsaya ba, tunda ranar gobarar na cikin rahoton 'yan kwana-kwana. A da kuskure kake da shi, yanzu ka mayar da shi zamba, wadda ke iya cinye diyyar duka har da kuɗin da ka biya, ta kuma kai ka ga 'yan sanda. Ka sanar da asarar cikin wa'adin da takardarka ta ba ka, ka faɗi kuskuren fom a lokaci guda, ka nemi lauya ko dillalin da ya san aikinsa. Kuskuren da aka yi ba da niyya ba, wanda kuma bai taɓa musabbabin asarar ba, yana barin ƙofar sulhu a buɗe.

Ni inshorar rai na yi don karatun yarana. Ban faɗi ina da hawan jini ba, shekarun ma ba daidai ba ne.

Hajiya, naki ya fi na mai sito gaggawa, saboda ranar da za a buɗe fom ɗin ba kya nan ki yi bayani, yaran ne za su tsaya gaban kamfani. Shekaru sun fi sauƙi: takardun rai da yawa suna da sharaɗin daidaita kuɗin biya ko na diyya zuwa shekarun gaskiya. Ki kai shaidar haihuwa ko abin da ke jikin katinki na ɗan ƙasa, a gyara. Hawan jinin da likita ya riga ya faɗa miki kafin ki cika fom shi ne mai nauyi. Ki rubuta ranar da aka gano, asibitin, da maganin da kike sha. Za su iya tura ki gwaji su ƙara miki kuɗi. Cutar da ta same ki bayan an ƙulla kuwa ba kuskure ba ce, ita ce abin da kika yi inshorar dominsa. Sai dai idan kika daina biya har takardar ta mutu kika zo farfaɗo da ita, za a sake tambayarki lafiyarki, nauyin bayyanawa ya dawo sabo.

Mota fa? Kuma mu da muke takaful?

A mota, kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta "amfanin kai" alhali ana haya da ita, ko da ta manhajar waya ce da yamma bayan an tashi aiki. Farashin biyun ba ɗaya ba ne. Ka gyara, a sauya maka satifiket.

Takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, ba ta sassauta komai a nan. Fom ɗinta yana tambaya kamar na kowa, kuma diyya daga asusun da mahalarta suka tara take fitowa, don haka wanda ya rage gaskiya a kan 'yan'uwansa masu zubi ya rage.

Saura wata ɗaya a sabunta. In jira kawai in gyara a lokacin?

Sabuntawar inshorar shekara sabuwar yarjejeniya ce, nauyin bayyanawa yana dawowa da ita, don haka lokaci ne da gyara ke zuwa da sauƙi. Amma wata ɗayan nan kayanka suna zaune a kan tsohuwar amsa. Sannan sau da yawa ba a ba da sabon fom wajen sabuntawa, takardar sanarwa kawai ake turowa da adadin kuɗi, idan ka biya ba ka ce komai ba, tsofaffin amsoshin sun bi ka zuwa sabuwar shekara. Ka aika wasiƙar yanzu, ka ce a yi aiki da ita a sauran wannan shekarar da kuma wajen yanka maka kuɗin mai zuwa. Idan sabuwar takarda ta iso, ka duba shafin bayanai ka ga gyaran ya shiga, ka ajiye kwafin wasiƙar mai hatimi da takardar gyara a gida ko a wayarka, kada ka bar su a cikin siton.